Sunaye Uku a Bayan Uwar Tururi

Ni ne mai kula da tukunyar tururi ta asibitinmu. Aikina a ƙasa yake, inda ba mai saukowa sai in ruwan zafi ya ɗauke. Bututun da ya fita daga ɗakina ya bi bango ya hau sama, ya shiga wani ɗaki mai farin tayil inda ake dafa kayan tiyata. Matar da ke riƙe da wannan ɗakin ita ake kira Uwar Tururi. Matar ƙanena ce, amma ba don haka nake rubuta labarinta ba. Na ga ma'aikata da yawa sun zo sun wuce, masu baki da masu hannu, kuma masu hannun ba su da yawa.

Da shara ta fara. Daga shara aka kai ta wanki, daga wanki aka ba ta naɗe ƙyallayen tiyata, har wata rana mai ɗakin dafa kaya ta kwanta rashin lafiya aka ce ta riƙe na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan ya kai har 'yarta ta fari ta yi aure. Aikin ba shi da ado. Almakashi da wuƙaƙe da ƙarafunan kama jijiya su sauko daga tiyata da jini, a wanke, a goge haƙoransu da burushi, a naɗe, a liƙa wani tef, a sa a inji. In zafi ya ratsa ƙunshin yadda ya kamata, layukan da ke jikin tef ɗin sai su yi duhu. In ba su yi duhu ba, ƙunshin ba ya fita daga ɗakinta ko wa ya aiko. Na taɓa jin wani sabon ma'aikaci yana mata rantsuwa cewa ya dafa. Ta ce masa, “Rantsuwarka ba ta kashe ƙwayar cuta. Mayar.”

Injinan ɗakin sun tsufa tare da mu. Ɗaya yana zubar da ruwa, ɗaya sai an dafa ƙofarsa da gwiwa kafin ya kulle. Da asibiti ya sayi sababbi, masu sayarwar suka ce sai an tura mutum ɗaya ƙasarsu ya yi kwas na 'yan watanni, kuma wanda ya je shi zai riƙe sabon ɗakin. Ba a yi gardama ba, aka rubuta Uwar Tururi. In ba ta je ba, wani zai je, ita kuma ta koma naɗe ƙyalle a ƙarƙashinsa. Kowa ya san wannan, har ita.

Aka ce ta kai takardu ofishin ma'aikata: fasfo, da satifiket ɗin gama sakandare, da takardar banki mai nuna asusun da za a riƙa saka mata alawus. Ta roƙe ni in raka ta, don ba ta son ofis. Sakatariyar, wata mace mai tabarau da ba ta ɓata magana, ta jera takardun a kan tebur ta dube su, ta sake dubawa.

“Mata uku kika kawo min,” in ji ta. “Wacce ce za ta tafi?”

“Ni kaɗai ce, ranki ya daɗe.”

“Sunanki na farko ɗaya ne, na gani. Amma na bayansa fa? Fasfo na ɗauke da wani, satifiket wani, banki wani. Su wane ne?”

Uwar Tururi ta sa yatsa a kan fasfo. “Wannan Babana ne, Allah ya jiƙansa.” Ta matsa kan satifiket. “Wannan Baffana, yayansa, shi ya riƙe ni.” Ta kai kan katin banki ta ɗan tsaya, ta kalle ni. “Wannan kuma baban yara.”

Yadda abin ya faru ba wani abin mamaki ba ne. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, yayansa ya ɗauke ta. Ranar da ya kai ta makaranta, malamin da ke rubuta yara ya tambaye shi, “'Yar wa ce?” Ya ce, “'Yata ce.” Bai yi ƙarya ba, don 'yar ƙaninka 'yarka ce, ba wanda zai ce maka a'a. Malam ya rubuta sunan Baffa, sunan ya bi ta aji aji har ya hau satifiket. Asusun banki kuma ranar da aka ɗauke ta aiki aka buɗe, akawun ya tambaya matar wa ce, ya rubuta sunan ƙanena. A lokacin ba mai haɗa takarda da takarda. Fasfo ta yi shi ne daga baya, da ta raka mahaifiyarta neman maganin ido a wata ƙasa, kuma an ɗauko sunan daga takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, shi ya sa ya fito da sunan mahaifinta.

“To ai ga hotona a fasfo,” ta ce wa Sakatariya. “Ga ni kuma a tsaye. Duk asibitin nan an san ni.”

“A nan an san ki. Wanda zai duba takardun nan a can bai taɓa ganinki ba. Zai ɗauki satifiket ya aza kusa da fasfo. In sunan bai zo ɗaya ba, harafi da harafi, a wurinsa satifiket ɗin wata ce kika aro. Mai ba da biza ma haka zai yi. Banki kuwa na'ura ce ke dubawa: a turo kuɗi da sunan fasfo, asusu na ɗauke da wani suna, sai a tsare kuɗin ko a mayar. Tikitin jirgi ma da sunan fasfo ake yanka shi. Ba ƙeta ba ce. Da haka ake kama masu cin kuɗin mutane da masu aiki da takardun wasu.”

“Ko na rantse?”

“Ke kina karɓar rantsuwa a ɗakinki?”

Uwar Tururi ta tattara takardunta ta ce, “To faɗa min inda zan fara.”

Sakatariya ta ce ta zaɓi suna ɗaya ta tsaya a kansa, kuma mafi sauƙi shi ne wanda ke kan takardar haihuwa, tunda katin ɗan ƙasa da fasfo duk sun riga sun bi shi. Ta je kotu ta yi takardar rantsuwa, ta jera sunayen uku ta ce duk ita ce, ta faɗi wanda za ta riƙa amfani da shi daga yau. Ta buga sanarwa a jarida ta ajiye shafin gaba ɗaya, ba yanki ba. Da waɗannan za ta je banki. Satifiket kuwa sai ta je hukumar jarrabawa da kanta ta ji abin da suke so, don kowace hukuma da tata ƙa'idar. Ta ƙara da cewa jerin sunan ma a kula da shi, wanda ke gaba ya tsaya gaba a ko'ina. Sunan wanda za a tura zai tafi ga masu kwas a ƙarshen wata mai zuwa. In takardu ba su haɗu ba, dole a tura wanda aka sa na biyu a bayanta.

Ƙanena direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanya. Ya dawo ya tarar da maganar. Muna zaune a tsakar gidansu yana wanke ƙafa ya ce, “Wato ni za a fara cirewa.”

“Daga kati za a cire ka, ba daga gida ba,” in ji ta.

“Shekara da shekaru kina yawo da sunana a jaka, ban taɓa cewa ki biya haya ba.”

“Sunan da ban taɓa kama shi da bakina ba, shi nake sa wa hannu duk wata. Ranar da mai banki ya ƙwala shi a layi na rasa inda zan sa fuskata, ga surukata a bayana.”

Ya yi dariya, amma na san ƙanena, abin ya ɗan sosa masa rai. Na ce masa sunansa na kan yara huɗu, ya ishe shi. Washegari shi ya nemo takardar aurensu a ƙasan akwati, don banki za su so ganin inda sunansa ya fito. Ni a wurina wannan ya fi doguwar magana.

Banki bai ba da wahala sosai ba, sai layi. Ta kai katin ɗan ƙasa, da fasfo, da takardar aure, da ta rantsuwa, da jarida. Suka ɗauki hoton kowacce, ta cike takardar gyaran suna, aka sake ɗaukar hotonta da yatsunta. Aka ce sunan asusu zai canja tukuna, sannan a buga sabon kati. Da katin ya fito ta tsaya a gaban kantar bankin tana bin harufan ɗaya bayan ɗaya da fasfo a hannu, mutane na tsaki a bayanta. Ta sami harafi ɗaya da aka ninka a sunan mahaifinta. Ta miƙa musu. Yarinyar bankin ta ce ai ƙaramin abu ne. Ta ce, “Ƙaramin abu ne ya kawo ni nan. A sake.” Aka sake. Ta kai takardar ofishinmu ma aka gyara sunanta a jerin albashi, don wasiƙar da asibiti zai rubuta mata ta zo daidai.

Hukumar jarrabawa ce ta tsaya mata a wuya. Ranar hutuna na raka ta. Jami'in da ke bayan taga ya duba ya ce ba su yi kuskure ba, abin da makaranta ta aiko suka buga. Da kuskurensu ne da sun gyara. Tunda ba nasu ba ne, ba za su buga sabon satifiket ba. Abin da za su iya shi ne wasiƙar tabbatarwa, cewa mai wannan satifiket ita ce mai wancan sunan na fasfo. Amma sai ta kawo takardar haihuwa, da wasiƙa daga tsohuwar makarantarta, da rantsuwarta, da rantsuwar mutumin da sunansa ke kan satifiket in yana raye, ya bayyana yadda sunansa ya hau. Sakatariya ta rubuta wa masu kwas ta tambaya, suka ce za su karɓi satifiket in ya zo tare da wannan wasiƙar.

Muna fitowa daga harabar wani mutum mai jaka a hammata ya bi mu. Irinsu ba sa rasuwa a bakin irin waɗannan ofisoshi.

“Hajiya, na ji matsalarki. Kar ki wahalar da kanki. Kawo tsohon, jibi ki karɓi sabo da sunan da kike so, har da tambari. Uwar da ta haifi satifiket ɗin ma ba za ta gane ba.”

“In masu kwas suka tura lambarsa hukumar fa?” in ji ta.

“Wa ke da lokacin wannan?”

“Suna da shi. Ranar da suka duba, lambar za ta fito da sunan Baffana, takardar hannuna na ɗauke da wani. Daga mai gyaran suna na zama mai jabu. Kwas ya tafi, aiki ya tafi, ƙila har da ni.” Ta gyara mayafinta. “Matsa min, malam. Nawa na gaske ne, da gumina na ci shi.”

Makaranta ta ba da wasiƙa ba tare da ja ba, don tsohon littafin shiga yana nan. Saura Baffa.

Baffa tsohon mai gyaran agogo ne. Ido ya yi rauni, ya daina aiki, amma har yanzu teburinsa na zaure da ƙananan sukurori a cikin murfin kwalba. Mutum ne mai taurin kai, kuma duk wanda ya san Uwar Tururi ya san inda ta gado nata. Ta ce in zo in zama shaida, ko zai ji kunyar suruki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi bayani tun daga farko, a hankali. Ya saurara har ta gama.

“Wato in je gaban hukuma in ɗaga hannu in ce ke ba 'yata ba ce.”

“Ba haka ba ne, Baffa.”

“To yaya ne? Takarda ta ce ni ubanki ne. Kina so in ce takarda ta yi ƙarya. Ranar da aka binne ƙanena na ɗauke ki a kafaɗa, kina barci, takalminki ɗaya ya faɗi a hanya. Tun ranar ban taɓa cewa 'yar ƙanena ba. Ko a bayan idonki ban faɗa ba. Yanzu da furfurata za a kai ni kotu in faɗa?”

Na sa baki na ce magana ce ta takarda kawai. Ya juyo inda muryata take.

“Kai da wutarka. An tambaye ka?”

Ya ce in suna ɗaya ake so, ai ga nasa, a mayar da fasfo da sauran su bi satifiket. Ta ce ta tambaya. Ana iya yi, amma sai an canja katin ɗan ƙasa tukuna, sannan a nemi sabon fasfo, sannan a koma banki, kuma takardar haihuwa za ta ci gaba da faɗin wani abu dabam. Kafin a gama wannan an daɗe da tura wani. Sannan ta ɗago kai, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabansa ba.

“Kuma ko da lokaci, Baffa, ba zan yi ba. Babana bai bar gida ba, bai bar gona ba, ko hotonsa babu. Sunan nan kaɗai ya bari a bayana. Ba zan goge shi ba.”

“Ni za ki goge.”

“Kai ba ka goguwa. Satifiket ɗin ma ba za su canja shi ba, sunanka na nan har abada.”

“To ku tashi. Na gaji.”

Muka tashi.

Kwanaki suka yi ta tafiya. A asibiti magana ta bazu, kamar yadda take bazuwa. Wanda aka sa na biyu, wani ma'aikacin tiyata, ba mugu ba ne, amma ya fara zuwa ɗakinta yana duba inda za a kafa sababbin injina, har yana auna bango da taku. Masu ba da shawara suka yi yawa. Wata ta ce ta sami kowane tsoho ta kai kotu a matsayin Baffa, wa zai sani. Wani ya ce ta rubuta cewa Baffa ya rasu, sai a karɓi rantsuwar wani dangi. Wannan ta ba shi amsa a gabana, a bakin famfo.

“In kashe shi a takarda yana zaune yana shan iska? Bakinka ya sari abin da ya fi ƙarfinsa.”

Ba ta fasa aiki ba ko na yini ɗaya. Ina ganin allurar ma'aunin tururina tana sauka da safe, na san ta kunna inji. Abin da ta yi shi ne ta koma kotu, wurin magatakardan da ke rubuta takardun rantsuwa, ta tambaye shi ainihin kalmomin da ake buƙata. Ya ce ba wanda ya ce sai an rubuta wane ba uban wance ba ne. Abin da hukuma ke so shi ne a faɗi wanda ya haife ta, a faɗi dalilin da sunan wani ya hau takarda, a ce mutum ɗaya ce. Ta sa ya rubuta, ta karɓi kwafi, ta wuce gidan Baffa ita kaɗai daga wurin aiki. Abin da ya faru a can daga bakinta na ji, kuma ba ta ƙara gishiri a magana.

Ta ce ta zauna ta karanta masa. Takardar na cewa shi wane, yayan marigayi wane ne uwa ɗaya uba ɗaya. Marigayin shi ya haifi wance. Bayan rasuwarsa shi ya ɗauke ta, ya ciyar da ita, ya tufatar da ita, ya kai ta makaranta da hannunsa, shi ya sa aka rubuta sunansa a bayan nata. Wance mai sunansa da wance mai sunan ƙaninsa mutum ɗaya ce.

Ya ce ta sake karantawa. Ta sake.

“Ina wurin da aka ce ke ba tawa ba ce?”

“Babu.”

“Kin tsallake.”

“Kira wanda ka yarda da shi ya karanta maka.”

Ya yi ta juya wani tsohon agogo a hannu. Can ya ce, “An rubuta cewa ni na kai ki makaranta?”

“An rubuta.”

“Kuka kika yi ta yi ranar. Kika cije ni a nan.” Ya nuna mata gefen hannu. Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Ta ajiye takardar a kan teburin agogo ta ce masa ranar da ƙanena zai tsaya da mota a ƙofa da safe. Ta ce in ya fito, to. In bai fito ba, za ta koma naɗe ƙyalle, kuma za ta ci gaba da kawo masa maganin ido duk wata kamar yadda ta saba, ba abin da zai canja.

Ranar, ƙanena ya aro ƙaramar mota, na zauna a gaba. Muka tsaya a ƙofar Baffa. Ba mu buga ba, don ta hana. Muna nan zaune har ƙanena ya kashe inji. Sai ga tsoho ya fito da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, da sanda, da katin ɗan ƙasarsa a aljihun gaba. Ya ƙi a kama masa hannu. Ya shiga ya ce wa ƙanena, “Kai ma an cire ka, na ji.”

“An cire ni, Baffa.”

“To ja mu je, korarru.”

Ofishin magatakarda ɗan ƙarami ne, fanka ɗaya, benci ɗaya, takardu har rufi. Jami'in rantsarwa ya duba katin Baffa, ya duba fuskarsa, ya sa aka karanta masa takardar da ƙarfi tunda ba ya gani sosai, ya tambaye shi ko ya fahimta kuma gaskiya ce. Baffa ya miƙe tsaye, ko da yake an ce ya zauna.

“Gaskiya ce. Ƙanena ya haife ta. Ni na kai ta makaranta.” Ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya. “Kuma 'yata ce.”

“Baba, wannan na ƙarshen ba ya cikin takarda,” in ji jami'in.

“Ban ce ka rubuta ba. Na ce ka ji.”

“Na ji, Baba. Sa hannu a nan.”

Ya sa hannu, dogon sa hannu irin ta mutanen da, aka buga tambari. Uwar Tururi ta karɓi takardar, ta bi sunayen da ido harafi harafi, nata da na mahaifinta da na Baffa, ta haɗa da fasfo da satifiket. Sai da ta gama sannan ta juya bango ta goge fuska da bakin mayafi.

Wasiƙar hukumar jarrabawa ba ta fito da wuri ba. Ta yi ta zarya, in ta tashi aiki ta je, a ce ba a sa hannu ba, ta koma. Ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta kuma ba kowa na goro ba. Zama kawai take yi a bencin da ke fuskantar tagar, da rasit ɗinta a hannu, har jami'in ya san ta. Wasiƙar ta fito ana saura 'yan kwanaki a rufe. Sakatariya ta sake jera takardun a teburinta, ta dube su ta cikin tabarau, ta ce, “Yanzu mace ɗaya nake gani.” Ta ce ta yi kwafin komai ta ajiye, don duk inda satifiket ɗin zai je nan gaba, da wasiƙar da rantsuwar zai riƙa tafiya.

Ta tafi, ta yi kwas ɗinta, alawus ya shiga asusunta ba tare da an tsare ba. Sabuwar takardar da ta dawo da ita sunan fasfo ke kanta, don kafin a buga ta je ofishin masu kwas ta sa an nuna mata yadda za a rubuta. Ita ke riƙe da sabon ɗakin. Injinan suna da nasu abin yin tururi, ba sa buƙatar bututuna, yanzu wanki da kicin kaɗai nake ba wa zafi. Ban ji haushi ba, gwiwoyina ma sun gaji.

Da jikarta ta isa shiga makaranta, uban yarinyar ya yi tafiya, aka ce ƙanena ya kai ta. Uwar Tururi ta ce a'a, ta ɗauki hutun rabin yini ta je da kanta da takardar haihuwa a jaka. Malamin ya ɗaga biro ya tambaya, “'Yar wa ce?”

Ta ce, “Tawa ce. Amma ba ni za ka rubuta ba.” Ta shimfiɗa takardar a gabansa ta danne da yatsa. “Kwafi wannan. Zan tsaya in gani.”